Rage tumbi: Sikeli kaɗai ba ya faɗa wa mutum gaskiyar jikinsa

Daga garin Gwarzo zuwa Kabo, har ƙauyuka irin su Mainika, maganar rage tumbi ta daina zama ta 'yan birni kaɗai. Malamin makarantar da aka auna aka ce jininsa ya hau, da ɗan kasuwar hatsi da ke wuni a zaune a rumfa, da uwargidan da aka gaya wa suganta na neman wuce iyaka, duk da shawara ɗaya suke komowa daga asibiti: a rage nauyi. Sai mutum ya ɗaura ɗamara, ya rage tuwo, ya bar lemon kwalba, ya kama tattaki bayan sallar asuba. Bayan wata guda ya hau sikeli a kemis ko a wurin yaran da ke yawo da shi a kasuwa, ya tarar allura na nan inda take. Daga ranar sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya koma gidan jiya.

A lokuta da dama tsarin da mutumin ya bi ba shi da laifi. Laifin na alƙalin da ya naɗa ne. Sikeli shaida ɗaya ne, kuma ba a yanke hukunci mai nauyi da bakin shaida ɗaya. Wanda ke son sanin ko wahalar da yake sha tana biya, sai ya haɗa shaidu uku: nauyinsa a sikeli, awon ƙugunsa da tef ɗin tela, da hoton jikinsa. Kowanne cikinsu yana da inda yake kuskure, amma da wuya su uku su yi kuskure iri ɗaya a lokaci ɗaya.

Abin da sikeli ke gani da wanda ba ya gani

Sikeli na auna duk abin da ya hau kansa ne: ƙashi, tsoka, kitse, ruwan jiki, tuwon daren jiya da bai gama wucewa ba, har da babbar riga da makullan da ke aljihu. Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne, kuma wannan ruwa yana hawa da sauka kullum. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Wanda ya wuni a gona cikin zafin watan Afrilu zai iya dawowa gida ya ragu da kilo ɗaya ko biyu, ya sha ruwa da fura ya mayar da su kafin ya kwanta. Wanda ya ci abinci mai gishiri da ɗanɗano da yawa a gidan biki, jikinsa kan riƙe ruwa na kwana ɗaya ko biyu. Mata da yawa kan ƙara nauyi kwanaki kaɗan kafin al'ada, ya sauka bayanta.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗar masu fara rage cin tuwo da shinkafa. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kimanin rabin kilo, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Da mutum ya rage abinci, ajiyar ce ke fara tafiya tare da ruwanta. Shi ya sa makon farko kan zo da saukar kilo ɗaya zuwa biyu, mutum ya yi ta murna, sannan abu ya tsaya cak. Abin da ya tafi da farko yawancinsa ruwa ne. Kitse a hankali yake tafiya, domin kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700.

Azumin Ramadan misali ne da kowa ya sani. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna cewa matsakaicin abin da masu azumi ke raguwa bai wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma yawancinsa kan dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah. Duk wanda ya hau sikeli ranar jajibere ya sake hawa bayan mako biyu ya ga wannan da idonsa.

Me ya sa ƙugu ne babban shaida

Kitsen da ya fi cutarwa shi ne wanda ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanji da hanta. Shi ne ke da alaƙa ta kusa da ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya, fiye da kitsen cinya ko na dantse. Mutum biyu za su iya yin tsayi ɗaya da nauyi ɗaya, ɗaya manomi mai murɗaɗɗen jiki, ɗaya mai siraran ƙafafu da ƙaton tumbi. Sikeli zai ce su ɗaya ne, tef kuwa zai raba su nan take.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da su sun nuna cewa haɗari na fara ƙaruwa ga namiji idan ƙugunsa ya wuce santimita 94, wato inci 37, kuma ya yi tsanani bayan santimita 102, wato inci 40. Ga mace iyakokin su ne santimita 80 da 88, wato kusan inci 31 da rabi da kuma inci 35. Sai dai daga binciken da aka yi kan Turawa aka samo waɗannan lambobi. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ma, a ƙa'idarta ta 2005, cewa ta yi a ci gaba da amfani da su ga mutanen Afirka ta kudu da Sahara kafin a samu alƙaluman yankin.

Akwai ma'aunin da ya fi sauƙi, wanda ya yi la'akari da dogo da gajere. A 2022 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya ta shawarci manya da su riƙe ƙugunsu ƙasa da rabin tsayinsu. Idan aka raba awon ƙugu da tsayi aka samu 0.5 zuwa 0.59, haɗari ya ƙaru, daga 0.6 zuwa sama ya yi yawa. Wannan ko lissafi ba ya bukata. A yanko igiya daidai tsayin mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita. Idan bakin ya haɗu, da sauƙi. Idan ya ƙi haɗuwa, tazarar da ta rage ita ce aikin da ke gaba.

A ƙasar Hausa awon ƙugu yana da wani muhimmanci na daban saboda suturarmu. Mai sa wando da bel yana da mai yi masa gargaɗi, domin ranar da rami ya ƙi kaiwa zai sani. Wando mai zariya ba ya tsegumi. Kaftani da babbar riga da zani da hijabi za su rufa wa tumbi asiri shekara biyar yana girma ba a lura ba, ga kuma jama'a na yaba wa mai shi cewa hutu ya karɓe shi.

Amma sai an auna daidai. Awon da tela ke yi na wando ba shi ake nufi ba, domin tela kan bi ta ƙasan tumbi inda wando ke zama, kuma wurin na iya shekara bai canja ba alhali sama na bunƙasa. Wurin awon lafiya shi ne tsakiya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, wanda ga yawancin mutane yana ɗan saman cibiya. A tsaya a miƙe da safe kafin karin kumallo, a ɗora tef a kan fata ko riga mai shara-shara, a tabbatar bai karkace ta baya ba, a fitar da numfashi yadda aka saba ba tare da shanye ciki ba, sannan a karanta. A auna sau biyu. Idan bambancin ya wuce santimita ɗaya a sake. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci da santimita, don haka a zaɓi ɗaya a tsaya a kai. Fuskar santimita ta fi nuna ƙaramin canji. Tsohon tef da ya saki kuma a ajiye shi, a sayi sabo.

Hoto, da iyakarsa

Mutum ba ya ganin canjin jikinsa a madubi saboda kullum yana kallon kansa. Hoto ne ke riƙe abin da ido ya manta. Shi ne kuma ke nuna abin da tef da sikeli ba sa faɗa, wato daga ina naman ke tafiya. Kafaɗa ta cika ko ta zube? Dantse da cinya suna nan ko sun tsotse? Fuska ta washe ko ta faɗa?

Sai dai babu shaidan da ya kai hoto saurin karɓar cin hanci. Hasken da ke faɗowa daga gefe yana fito da tsokar da babu ita. Waya idan ta matso kusa tana kumbura abin da ya fi kusa da ita. Shanye ciki na daƙiƙa biyu yana cire inci biyu. Da waɗannan dabaru masu tallar shayin rage ƙiba a Facebook da TikTok ke haɗa hotunansu na "kafin" da "bayan", wani lokaci a rana ɗaya. Hoton da za a yarda da shi shi ne wanda aka ɗauka a wuri ɗaya, jikin bango ɗaya, da safe, da riga ɗaya, daga tazarar taku uku ko huɗu, waya a daidai tsayin ciki, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe. Sau ɗaya a mako huɗu ya wadatar, domin hoton kowane mako ba ya nuna komai sai ƙara damuwa.

Akwai masu cewa wannan al'ada ta saɓa wa kunya da addini, kuma maganarsu na da tushe. Waya takan ɓace, takan je wurin mai gyara, yara kan ɗauka su yi wasa. Babu dalilin da zai sa wani, balle mace, ya ajiye hoton tsiraici a waya da sunan neman lafiya. Namiji singileti da wando mai wuce gwiwa sun ishe shi. Mace za ta iya ɗauka cikin sutura cikakkiya ba tare da fuska ba, ko ta bar hoton gaba ɗaya ta ware riga ɗaya da aka ɗinka daidai jiki da yadin da ba ya miƙewa, ta riƙa gwada ta sau ɗaya a wata. Rigar za ta faɗi inda ta saki da inda take kamawa, kuma ba ta fita daga ɗaki.

Misalin mutum biyu

A ɗauki misalin magidanci a Mainika mai shekara 42, tsayinsa santimita 170, nauyinsa kilo 84, ƙugunsa santimita 98. Rabin tsayinsa 85 ne, ke nan ya haura da santimita 13, kuma lissafinsa ya kama 0.58. Ya tsara wa kansa abu mai sauƙi: malmala biyu maimakon uku, shayi da ɗan sukari kaɗan, babu lemon kwalba, ƙarin wake da ganye, tafiyar minti 40 da safe, sannan sau uku a mako yana ɗaga jarkar ruwa yana tsugunne-tashi. Yana hawa sikeli ɗaya sau uku a mako, da safe bayan ya zagaya, ya haɗa lambobin ya raba uku. Ƙugu sau ɗaya a mako, hoto sau ɗaya a wata.

A mako biyun farko ya sauko zuwa kilo 82.6, ƙugu kuwa 97.5, kusan bai motsa ba. Wannan ruwa ne ya tafi. Daga mako na uku zuwa na shida sikeli ya kafe. A mako na shida ya karanta 82.9 da 82.1 da 82.5, matsakaicinsu 82.5. Mai bin sikeli kaɗai a nan yake ajiye aiki. Amma littafin wannan magidanci ya nuna ƙugu ya sauko zuwa 95.5, kuma hoton gefe ya nuna ciki ya ɗan koma, kafaɗa na nan yadda take. Abin da ke faruwa shi ne kitse na raguwa, yayin da tsokar da ta fara aikin da ba ta saba ba take riƙe ruwa tana kuma ɗan ƙaruwa. Kitse ba ya rikiɗa ya koma tsoka kamar yadda ake faɗa a majalisa, abu biyu ne daban, ɗaya na raguwa ɗaya na ƙaruwa. Tsoka ta fi kitse nauyi idan girmansu ɗaya, shi ya sa jiki kan tsuke alhali sikeli bai motsa ba.

A mako na takwas aka yi bikin ƙanwarsa, kwana uku ana shinkafa da nama. Washegari sikeli ya nuna 83.7. Kafin mutum ya tara kitsen kilo ɗaya sai ya ci rarar kalori 7,700 a kan abin da jikinsa ke bukata, don haka yawancin wannan ƙari ruwa ne da abincin da ke ciki, kuma kafin mako ya zagayo ya sauka. A ƙarshen mako na 12 nauyinsa 81, ƙugunsa 92, lissafinsa ya koma 0.54. Kilo uku kacal cikin wata uku, abin da wani zai raina. Amma santimita shida sun bar cikinsa, ya sauko ƙasa da iyakar 94, kuma ƙarfinsa bai ragu ba. Tsarin yana aiki, abin da ya rage shi ne ya ci gaba.

Sai a ɗauki maƙwabcinsa mai tsayi da nauyi iri ɗaya, wanda ya sayi shayin rage tumbi. Cikin kwana 14 ya sauko daga 84 zuwa 80, yana nuna wa kowa. Da kilo huɗun nan kitse ne, da sai jikinsa ya ƙona rarar kalori 30,800, wato 2,200 kowace rana, kusan duk abincin da babban mutum ke ci a wuni. Shi kuwa bai fasa cin tuwonsa ba. Irin waɗannan shayi da yawa suna ɗauke da ganyen da ke sa gudawa ko yawan fitsari. Tef zai nuna ƙugunsa ya ragu da santimita ɗaya ko ƙasa da haka, hoto zai nuna idanu sun zurma. Ranar da ya daina sha, kilo huɗunsa na nan dawowa, kuɗinsa kuwa sun tafi.

Yadda ake karanta shaidun

Daga waɗannan misalai ƙa'idar ta fito. Idan nauyi da ƙugu suna sauka tare a hankali, kamar rabin kilo a mako, kuma kafaɗa da cinya ba su zube ba, a ci gaba. Idan nauyi ya tsaya ƙugu na sauka, shi ma nasara ce, kada a taɓa komai. Idan nauyi na zuba da sauri ƙugu na nan, hoto kuma ya nuna hannaye sun sirance, to ruwa da tsoka ake asara, kuma an fi ganin haka ga masu horar da kansu da yunwa. Idan kuwa duka ukun ba su motsa ba har mako huɗu zuwa shida, tsarin ne ba ya aiki, sai a duba abin da ke shiga baki tsakanin abinci: fura mai sukari, ƙosai da soyayyar doya, yawan man da ke cikin miya. Kada a ce nauyin tsoka ne ya hana sikeli sauka idan tef bai goyi bayan haka ba, domin tsoka ba ta ƙaruwa da kilo-kilo a mako.

A yankin noma irin Gwarzo da Kabo sai an sa yanayi a lissafi. Wanda ya fara tsarinsa da faɗuwar damina zai ga sauka mai kyau, amma fartanya ce ta yi rabin aikin. Jarrabawar gaskiya tana zuwa ne bayan kaka, lokacin da rumbu ya cika, aiki ya ragu, bukukuwa suka yawaita.

Akwai kuma karatun da ke nufin a rufe littafi a nufi asibiti. Ramar da ta zo da sauƙi fiye da ƙoƙarin da aka yi, tare da yawan ƙishi da fitsarin dare, alama ce ta ciwon suga. Rama tare da tarin da ya wuce mako biyu da zufan dare na iya zama tarin fuka. Cikin da ke girma alhali sauran jiki na ramewa zai iya zama ruwa ne daga ciwon hanta, ga mace kuma ƙari a mahaifa. Nauyin da ya haura kilo biyu ko uku cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa da haki yana nuni ga zuciya ko ƙoda. Abin lura shi ne, a wasu daga cikin waɗannan, mai kallon sikeli kaɗai murna zai yi yana cewa maganinsa ya karɓe shi. Mai juna biyu da mai jego kuwa waɗannan iyakoki na ƙugu ba nasu ba ne.

Wasu za su ce wannan ɗawainiya ta yi yawa ga talaka, kuma yawan awo kan jefa mutum cikin zullumi. Batun zullumi gaskiya ne ga wanda ke hawa sikeli safe da yamma, kuma maganinsa shi ne a kafa ranakun awo a bar sauran. Batun tsada kuwa ba ya tsayawa. Tef na wurin kowane tela, igiya na kowane gida, kuma wanda ba shi da sikeli zai iya hawa na kemis ɗaya sau ɗaya a mako, a lokaci ɗaya da kaya iri ɗaya, ya kwatanta wata da wata maimakon mako da mako. Duk wannan bai kai kuɗin kwali ɗaya na shayin rage ƙiba ba.

Su ma ma'aikatan lafiya akwai nasu kason. A watan Janairun 2025 kwamitin masana na mujallar Lancet mai kula da ciwon suga ya ce lissafin nauyi da tsayi kaɗai bai isa a yanke hukuncin ƙiba ba, sai an haɗa da wani awo irin na ƙugu. Ya kamata duk inda ake duba masu hawan jini da suga, daga Babban Asibitin Gwarzo har ɗakunan shan magani na mazaɓu irin su Mainika, Getso da Lakwaya, tef ya zauna kusa da na'urar awon jini, a rubuta ƙugun majiyyaci a katinsa duk zuwa, mace ta auna mace. Wanda aka ce masa kawai "je ka rage nauyi" an sallame shi ne da rabin bayani. Wanda aka ce masa "ƙugunka 98, muna so ya koma ƙasa da 94 kafin wata uku" ya san abin da zai auna da lokacin da zai dawo.